Yadda ƙugiyar ɗ da ƙ ta riƙa ɓacewa a kanun labarai na wani shafin Hausa

Asalin lamarin

Wani ƙaramin shafi ne a Kano da ke buga labaran noma da kasuwa da Hausa, mutum uku ke kula da shi, mace ɗaya edita, sai mai tattaro labarai, sai wani matashi da ya haɗa musu shafin kuma shi ake kira duk lokacin da wani abu ya lalace. Bayan labarai suna da wani ɗan akwati a sama da suke kira kalmar yau, inda ake sa kalma ɗaya da manyan haruffa tare da alamomin karin sauti da na tsawon wasali irin na ƙamus, saboda akwai ɗalibai da malaman Hausa cikin masu bibiyarsu.

A farkon Janairu suka canza fasalin shafin. Matashin ya sayo tsari da aka riga aka zana don jaridun Turanci, labarai a jere cikin kati-kati, kowane kati da hoto da take. Taken yana da girman fiksil 28, font ɗinsa siriri mai kyau, an matse layukan sosai don ya yi kama da kanun jarida, kuma an ƙayyade kada ya wuce layi biyu, in ya wuce sai a yanke a sa ɗigo uku. Ga abin da ke cikin tsarin, yadda ya zo:

```css
.card-title {
  font-size: 28px;
  line-height: 0.9;
  overflow: hidden;
  display: -webkit-box;
  -webkit-box-orient: vertical;
  -webkit-line-clamp: 2;
}
```

Da rubutun Turanci da aka gwada tsarin da shi ba wanda zai ga wani aibu a nan.

Makon farko: koke ya fara shigowa

Wani malamin makaranta ne ya fara turo wa editar hoton allon wayarsa, ya ce ranki ya daɗe ku duba takenku na yau, kun rubuta kara a maimakon ƙara. Taken shi ne "An ƙara kuɗin taki a kasuwar hatsi, manoma sun koka". Editar ta buɗe wajen da take rubutu ta ga ƙ ɗinta na nan daram, ɗ ma na nan. Ta buɗe a wayarta sai ta ga abin da malamin ya gani.

In ka zuƙo hoton ka duba da kyau ga yadda abin yake: sandar ƙ ta miƙe sama, daidai inda ya kamata ta lanƙwasa ta yi dama sai ka ga an daddatse ta a miƙe kamar da reza, ɗan bakin ƙugiyar da ke saukowa ya rage shi kaɗai a gefe, ɗigo ne kawai yana reto ba abin da ya haɗa shi da sandar. Daga nesa k ce da ɗan datti kusa da ita. Haka ɗ ta kuɗin ta zama, haka ɓ a duk taken da ta fito. Wani abu da editar ta lura da shi tun a ranar, kuma ya taimaka daga baya, shi ne layin sama kaɗai abin ke shafa. In ƙ ta faɗo a layi na biyu ƙugiyarta na fita cikakkiya, sai dai wani lokaci ta yi karo da jelar y ko g ta layin sama su manne.

Matashin ya buɗe a laftof ɗinsa ya ce shi dai bai ga komai ba. Kuma gaskiya ya faɗa, a nasa allon ƙugiyar na nan, ta ɗan yi siriri daga sama amma ana ganinta.

Mako na biyu: an zargi kibod, an cire wuƙar

Zargin farko ya faɗa kan mai tattaro labarai, wai kibod ɗin wayarsa ne ke sa wasu haruffa na daban. Aka sake buga taken da wani kibod, aka kwafo haruffan daga wani wuri aka liƙa, duk ɗaya. Da aka duba lambobin haruffan sai aka ga daidai suke, ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, wato rubutun lafiyarsa ƙalau, wajen nunawa ne matsalar take. A nan ne mai tattaro labaran ya kawo shawarar a daina sa masu ƙugiya a take kawai a huta, tunda ai mutane na ganewa. Editar ta ƙi, ta ce shafin da ke koyar da kalmar yau ba zai rubuta kasa yana nufin ƙasa ba.

Sai matashin ya cire `overflow: hidden`. Nan take ƙugiyoyi suka dawo a kowace waya, kuma wannan ya nuna wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: `line-height` shi kaɗai ba ya yanke harafi. Burauza na zana harafin cikakke ko da ya leƙo waje da akwatin layinsa. Abin da ke yankewa shi ne duk wani abu da aka ce ya ɓoye abin da ya fita daga akwatin, matsatstsen layi kuma shi ke turo kan harafin waje har wuƙar ta same shi. Shi ya sa layi na biyu ya tsira, kansa ya leƙa cikin filin layin farko ne, bai fita daga akwatin taken ba.

Amma gyaran bai kwana biyu ba. Da aka cire wannan layin sai dogayen take suka daina yankewa a layi biyu, layi na uku ya zubo ya hau kan kwanan wata da ke ƙasa. Dole aka mayar da shi.

Daga nan aka gwada `padding`, wato ɗan filin da ake bari tsakanin rubutu da bakin akwatinsa, fiksil 4 sama da ƙasa. Na saman ya yi aiki, domin yankan na faruwa ne a bakin `padding` ɗin, don haka ƙugiyar ta samu wurin fita. Na ƙasan kuwa sai ya jawo sabuwar rigima, kawunan haruffan layi na uku da ya kamata su ɓuya suka riƙa leƙowa ta wannan ɗan filin, sai ka ga ɗige-ɗige a ƙarƙashin take. Aka cire na ƙasan aka bar na saman, aka zauna a haka ƴan kwanaki, amma mannewar jela da ƙugiya tsakanin layuka na nan yadda take, kalmar yau ma ba ta gyaru ba.

Mako na uku: an buɗa layi amma ta hanyar da ba ita ba

Yanzu kowa ya yarda sai an buɗa layukan. Matashin ya cire `padding` ɗin saman, ya goge 0.9 ɗin da ke kan take, ya je kan katin gaba ɗaya ya rubuta `line-height: 150%`, da tunanin komai na cikin katin zai gāji wannan. Abin mamaki sai yankan ya ƙaru, har kan b da k na yau da kullum ya fara guntulewa a fili.

Dalilin shi ne in ka rubuta da kaso ko da `em`, burauza na yin lissafin ne a kan girman rubutun wurin da ka rubuta, sannan ta miƙa wa na ciki sakamakon a matsayin fiksil. Girman rubutun katin 16 ne, kashi 150 na 16 ya ba da 24, sai taken mai girman 28 ya gāji layi mai fiksil 24. In ka raba 24 da 28 za ka samu kusan 0.86, wato ya fi 0.9 ɗin farko matsewa. Da lamba zalla ya rubuta, 1.5 ba tare da komai a bayanta ba, da kowane rubutu ya ninka ta da nasa girman.

Sai aka koma `line-height: normal`, wato a bar font ya zaɓa wa kansa. Yankan ya tsaya. Sai dai katunan suka daina daidaita, wani take ya fi wani tsayi alhali duk layi biyu ne, kuma a cikin take ɗaya ma layin da ke da ƙ ko ɗ ya fi wanda ba shi da su faɗi. Editar ce ta ce ai kamar haruffan nan ba ƴan gida ɗaya ba ne da sauran, ku duba kaurinsu ma ya bambanta. Wannan maganar ce ta kai su ga tushen abin.

Mako na huɗu: aka tsaya aka auna

A Chrome in ka danna harafi da `Inspect`, ka shiga `Computed` ka gangara can ƙasa, akwai wurin da aka rubuta `Rendered Fonts`, yana nuna font nawa aka yi amfani da su wajen zana rubutun da kuma haruffa nawa kowanne ya zana. A taken taki font biyu suka fito. Na tsarin ya zana kusan komai, sai haruffa biyu, ƙ da ɗ, da wani font daban ya zana. Font ɗin da aka sayo ba shi da haruffanmu kwata-kwata, burauza ce ke arowa daga duk abin da ta samu a na'urar. A laftof ɗin matashin Arial take ɗaukowa, wanda dogayen haruffansa gajeru ne, a wayoyin Android kuma wani font mai dogayen haruffa. Da `normal` burauza na faɗaɗa layin don baƙon harafin ya samu wuri, shi ya sa layuka suka bambanta. Da lamba kamar 0.9 kuwa ba ta kula da baƙon sam, ma'aunin font na farko kawai take bi.

To ga yadda lissafin yake, kuma ba shi da wuya. Kowane font na ɗauke da lambobi biyu, filin da ya ware sama da layin da haruffa ke zaune a kai, mu kira shi A, da filin da ya ware ƙasa, mu kira shi D. In ka ba da `line-height`, burauza na ɗaukar bambancin da ke tsakanin lambarka da jimlar A da D ta raba biyu, rabi sama rabi ƙasa, in lambarka ta fi ƙanƙanta to ragewa za a yi daga kowane ɓangare. Abin da ya rage shi ne:

```
sama = (line-height + A - D) / 2
ƙasa = (line-height - A + D) / 2
```

Font ɗin tsarin A ɗinsa 0.75 ne D kuma 0.25. Da 0.9, filin sama ya zama 0.70. Nasa b da d da k tsayinsu 0.72, don haka su ma ana ɗan aske musu kai, 0.02, wanda a girman 28 bai kai fiksil ɗaya ba, kuma sanda ce miƙaƙƙiya, ko ka rage mata kai b tana nan b. Baƙuwar ɗ a laftof ta kai wajen 0.73, abin da aka yanke bai cika fiksil ɗaya ba, shi ya sa matashin ya ga ta ɗan yi siriri kawai. A waya kuwa ta kai wajen 0.77, an yanke 0.07, a girman 28 kusan fiksil 2 kenan, kuma kaurin bakan ƙugiyar a wannan girman bai wuce haka ba.

Wannan wurin nake so mai karatu ya tsaya a kai. Haruffan nan ba su fi b da d da k tsayi da wani abin kirki ba in font ɗaya ya zana su duka. Bambancin shi ne abin da ke sa ɗ ta zama ɗ yana kwance ne a can ƙololuwa, siririn baka a kwance, daidai inda yankan ke fara ci. Shi ya sa mai zanen da ya gwada da Turanci zai rantse tsarinsa lafiya lau, kuma bai yi ƙarya ba.

Awon ba sai da wata manhaja ta musamman ba, a `Console` suka yi shi bayan font ɗin ya gama lodi:

```js
const c = document.createElement('canvas').getContext('2d');
c.font = '100px "Noto Sans"';
const m = c.measureText('ɗ');
console.log(m.actualBoundingBoxAscent, m.actualBoundingBoxDescent);
console.log(m.fontBoundingBoxAscent, m.fontBoundingBoxDescent);
```

`console.log` na farko na ba ka ainihin inda tawadar harafin ta kai sama da ƙasa, na biyu na ba ka A da D. Tunda girman 100 ne sai ka raba da 100.

Da suka juya lissafin sai ya nuna cewa da tsohon font ɗin ana buƙatar aƙalla 1.04 don ƙugiya ta tsira. Kalmar yau kuwa ta fi haka nema. Ranar da aka sa Àkwā̀tì, alamar da ke kan babbar À ta kai 0.92, wanda ke buƙatar 1.34, kuma da suka gwada 1.2 filin sama 0.85 ne kawai, a girman fiksil 48 an datse sama da fiksil 3 daga alamar, ta koma ɗan gutsure da ba ka iya cewa ga inda ta karkata. Ga ɗalibin da ya zo koyon karin sauti wannan alamar ita ce darasin gaba ɗaya. Ita kuma ā̀ ta tsakiya, alamar saman ta zame ta hau kan ta ƙasan, domin font ɗin bai san yadda ake ɗora alama kan alama ba.

Farkon Fabrairu: gyaran da ya zauna

Abu na farko aka canza font zuwa Noto Sans, wanda ke da Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ manya da ƙanana kuma ya iya jera alamomi. Akwai su Andika da Charis na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL da aka yi musamman don irin wannan rubutu, editar ta so Charis don kalmar yau amma aka tsaya a font ɗaya saboda nauyin lodi ga masu ƙaramin data. A nan an ɗan yi tuntuɓe na awa kaɗan, fayil ɗin farko da aka ɗora yankakke ne mai suna `latin`, babu haruffanmu a ciki, `Rendered Fonts` ya sake nuna font biyu. Sai aka ɗauko cikakken fayil aka rage shi da hannu:

```
pyftsubset NotoSans-Regular.ttf --unicodes="U+0020-02FF,U+0300-036F,U+2000-206F" --layout-features="*" --flavor=woff2
```

Zangon farko ya kwashe masu ƙugiya duka, na biyu shi ne alamomin da ake ɗorawa kan harafi.

Sannan aka sake lissafi, domin sabon font sabon ma'auni. Noto Sans A ɗinsa 1.069 ne D kuma 0.293, bambancinsu 0.776. Da irin wannan font saman ba shi da matsala, ko a 1.0 filin sama ya kai 0.888, ƙugiya ta wuce lafiya. Haɗarin ya koma ƙasa, a 1.0 filin ƙasa 0.112 ne kawai alhali jelar y da g da ƴ ta sauka 0.24. Don jelar ta tsira sai an ninka 0.24 biyu an ƙara 0.776, ya ba da kusan 1.26. Wannan ya shafi masu rubutu da ƙa'idar Nijar sosai tunda su ƴ suke amfani da ita kullum, in aka datse mata jela sai ta koma kamar v mai ƙugiya. Aka sa take a 1.3.

Kalmar yau aka auna mafi tsayin abin da zai iya fitowa, babbar Ā̀ mai alama biyu, ta kai wajen 1.07, lissafi ya ba da kusan 1.36. Aka sa 1.5, aka kuma cire `overflow: hidden` daga wannan akwatin tunda kalma ɗaya ce ba abin da za a ɓoye. Jikin labari aka bar shi a 1.6. Mannewar layuka ma ta tafi da kanta, domin abin da take buƙata shi ne tazarar ta fi jimlar tsayin sama da zurfin jela, 0.77 da 0.24 sun ba da 1.01, 1.3 ta wuce nan da nisa.

An biya farashi. Layi biyu a da fiksil 50 ne da ɗan kai, a 1.3 suka koma kusan 73, katunan suka yi tsawo, ga Noto Sans ya fi tsohon faɗi take na saurin cika. Aka rage girman take zuwa 24, layi biyu suka dawo wajen 62. Matashin bai ji daɗin rasa siririn font ɗinsa ba kuma ina ganin yana da hujja, shafin ya rage wani kwarjini. Aka kuma ajiye wani ɓoyayyen kati na gwaji mai ɗauke da "Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ɓ ɗ ƙ ƴ À Â Ā̀ ā̀ r̃ g y" a layin farko da na ƙarshe, ana buɗe shi a waya biyu da laftof duk lokacin da aka taɓa tsarin. Har ƙarshen Maris ba a sake samun koke ba sai sau ɗaya, a maɓallin "Ƙara karantawa" da aka ɗaure wa tsayi da `height` da kuma `overflow: hidden`, aka mayar da shi `min-height` ya warware.

Hukuncina a kan lamarin

Ni a ganina 0.9 ɗin nan laifinsa rabi ne. Babban laifin shi ne font da ba shi da haruffan, domin muddin burauza na arowa daga waje to ba ka san tsayin abin da za a zana a wayar mai karatu ba, duk lambar da ka sa kintace ce. Da sun tsaya a 1.2 da tsohon font ɗin da koken take ya tsaya, amma da ƙ da ɗ sun ci gaba da fitowa da wani kauri daban, kalmar yau kuma tana nan a datse.

Editar ta yi daidai da ta ƙi a cire ƙugiya, kuma `padding` na sama ba laifi ba ne a matsayin agajin gaggawa, abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar shi a matsayin magani. Batun lamba kuwa, ba na son a ɗauki 1.3 a riƙa yawo da ita kamar ta dace da kowane font, mun ga yadda font ɗaya ya buƙaci 1.04 saboda sama wani kuma 1.26 saboda ƙasa. In mutum ba shi da lokacin awo, 1.3 a take da 1.5 a duk inda alamomin karin sauti za su fito wuri ne mai kyau na farawa, kuma a rubuta ta lamba zalla. Ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018, wadda ake bi don shafukan intanet su yi sauƙin amfani ga kowa har da masu naƙasa, ita ma ta nemi shafi ya jure in mai karatu ya buɗa layi zuwa 1.5 ba tare da rubutu ya ɓace ba, akwatin da aka ɗaure wa `height` kamar maɓallin can ba zai ci wannan gwajin ba.

Masu shirya takarda a Word su ma su duba nasu, in `Line spacing` na kan `Exactly` da lamba kusa da girman rubutun za ka ga kan À da na ɗ a datse a allo, a mayar da shi `At least` ko `Multiple`.